Tabon da Ya Ƙi Gushewa: Nazari kan Tiranesamik, Kojik da Alfa-Abutin a Kudancin Kano

Mayukan gyaran fata da ake sarowa daga birnin Kano ana kaiwa shaguna da kemis na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun fara sauya suna. A da, abin da ake nema shi ne man bilicin kai tsaye. Yanzu da illarsa ta bayyana a fuskokin mutane, sai kwalabe da robobi suka zo da wasu sunaye uku da ake cewa ba su da cutarwa: tiranesamik asid, kojik asid da alfa-abutin. Tambayar da mai saye ke yi wa mai shago ba ta wuce guda ba: wanne ya fi ƙarfi? A ganina tambayar ce ba ta zauna daidai ba. Waɗannan sinadarai uku ba wuri ɗaya suke aiki a cikin fata ba, hujjar da ke bayan kowannensu ba nauyinta ɗaya ba, kuma tabon da ya fi damun matan wannan yanki, wato wanda tsohon man bilicin ya bari, babu ko ɗaya daga cikinsu da ke goge shi.

Kafin a auna magani sai an san ciwon. Abin da mata ke kira sanbon ko ƙunar fuska, in an duba da kyau, abubuwa ne aƙalla uku da suka yi kama da juna.

Na farko shi ne wanda likitoci ke kira melasma. Duhu ne mai launin ƙasa-ƙasa, shimfiɗaɗɗe, ba ya ƙaiƙayi, ba ya tudu, kuma yakan fito a kumatu biyun lokaci guda kusan iri ɗaya, wani lokaci har goshi da saman leɓe da karan hanci. Yawanci yana farawa ne da juna biyu ko da shan ƙwayar tazarar haihuwa, rana da zafi kuma su ƙara masa ƙarfi. Na biyu shi ne tabon da ke biyo bayan rauni: ƙurajen fuska da aka matse, ƙuna, cizon sauro da aka sosa, makero, ko wani mai da ya ci fata. Wannan yana zaune ne daidai inda raunin ya faru, siffarsa siffar raunin. In launinsa ƙasa-ƙasa ne, to a saman fata yake, kuma yakan dushe da kansa cikin wata 6 zuwa 12 muddin an daina tsokanar wurin. In ya yi toka-toka ko ya ɗan yi shuɗi, launin ya zube ƙasa cikin naman fata, inda man shafawa ba ya kaiwa, kuma yana iya ɗaukar shekaru.

Na uku shi ne mai wuyar. Wadda ta daɗe tana shafa man da ke da hidirokwinon mai yawa, fuskarta takan yi haske da farko, sannan ƙashin kumatu da gefen ido su koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, da 'yan ɗige-ɗige ƙanana masu ɗan kaushi in an shafa. Ana kiran wannan okuronosis. Likitan fata Findlay da abokan aikinsa ne suka bayyana shi dalla-dalla a 1975 a jikin baƙaƙen matan Afirka ta Kudu. Abin da ya taru a wurin ba launin fata na ainihi ba ne, wani abu ne daban da ya kwanta a cikin zaruruwan fata. Don haka duk maganin da aikinsa shi ne rage sarrafa launi ba shi da abin da zai kama a nan. Sau da yawa kuma ana samun wannan tare da ɓarnar sitirod, irin su kilobetasol da ake zubawa cikin haɗi: fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a hannu da cinya, gashi ya tsiro a fuska.

Yanzu ga yadda launi ke samuwa. A ƙasan fatar sama akwai ƙwayoyin halitta da ke yin melanin, wato abin da ke ba mu launinmu kuma yake kare mu daga rana. Baƙi da fari kusan adadin waɗannan ƙwayoyi ɗaya suke da shi, bambancin a yawan aikinsu yake. Babban ma'aikacin wurin wani sinadari ne mai suna tairosines, wanda ba ya iya aiki sai da ƙwayar jan ƙarfe guda biyu a tsakiyarsa. In aka kwatanta wurin da marina, kojik yana ƙwace wa marini kayan aikinsa ne, abutin yana miƙa masa jabun baba yana ɓata masa lokaci, shi kuwa tiranesamik bai shiga marinar ba sam, a hanya yake tare ɗan aiken da ke kawo saƙon a ƙara rini. Daga wannan bambanci duk sauran bayanin ya taso.

Kojik ya fi su tsufa. A 1907 wani masani ɗan Japan mai suna Saito ya samo shi daga funfunar da ake tsirarwa a kan turarriyar shinkafa, wadda Japanawa ke kira koji. Yana kama jan ƙarfen da ke cikin tairosines, aikin ya ragu. Binciken da aka fi ambata a kansa shi ne na Lim a Singafo a 1999, inda mata 40 masu melasma suka shafa mai iri biyu, kowane kunci da nasa. Dukansu suna da hidirokwinon da gilaikolik asid, amma ɗaya an ƙara masa kojik kashi 2 cikin 100. A kuncin da ke da kojik, kashi 60 cikin 100 na matan fiye da rabin tabonsu ya tafi, a ɗaya kuncin kuwa kashi 47.5. Ya taimaka, amma a lura: a matsayin ƙari ya taimaka, ba shi kaɗai ba, kuma tazarar ba ta da faɗi.

Aibinsa biyu ne, kuma dukansu sun fi tsanani a yanayi irin namu. Na ɗaya, yana cin fata. Yana sa ja da zafi da ƙaiƙayi, wasu kuma jikinsu ya ƙi shi gaba ɗaya. A farar fata wannan ɗan ja ne da zai wuce cikin kwana biyu. A baƙar fata kuwa, duk kumburi yakan bar tabo. Wato maganin tabo da kansa yana iya haifar da sabon tabo, kuma tun da ja ba ya bayyana sosai a fatarmu, mai shafawa ba ta ankara da wuri. Alamar da za ta lura da ita ita ce raɗaɗi in ruwa ya taɓa, da saɓa, da fata ta riƙa ɗaurewa tana sheƙi. Na biyu, kojik ba ya jure zafi da haske da iska da haɗuwa da ƙarfe. Man da ya fara fari ko ruwan madara, in ya koma ruwan ƙasa a cikin roba, ya lalace. Robar da ta yi watanni a rumfar kwano cikin zafin Maris da Afrilu, ko a faifan mai talla a ranar kasuwa, ba abin da aka gwada a Singafo ba ne.

Iyakar da Tarayyar Turai ta sa a dokarta ta 2024 ita ce kashi 1 cikin 100, a kayan fuska da hannu kawai. Lissafin ba shi da wuya: robar mai ta giram 50 rabin giram na kojik take ɗauka. In mai haɗi ta ɗebo garin da cokalin shayi, a ce giram biyu da rabi ya hau, ta juye a wannan roba, an kusa kashi 5 cikin 100, ninki biyar na iyakar. A watan Maris na 2025 BBC ta yi rahoto daga wata kasuwa a Kano inda aka ga masu haɗa mai suna zuba sinadarai, ciki har da kojik. Sabulun kojik ma da ya cika gari abin dubawa ne. Sabulu minti ɗaya ko biyu yake yi a jiki a wanke, lokacin bai isa sinadarin ya shiga ba, amma ya isa sabulun ya busar da fata, musamman da hunturu. Masu barin kumfar a fuska ta bushe don ta fi ci, ƙuna suke saye.

Alfa-abutin labarinsa gajere ne, domin hujjarsa ma gajera ce. Asalinsa hidirokwinon ne da aka ɗaura wa ƙwayar sukari. Akwai abutin na ganye, wanda ake samu a wasu tsirrai na ƙasashen sanyi, shi kuwa alfa a masana'anta ake haɗa shi, kuma ya fi na ganyen jure ajiya. Yana zama a gurbin da tairosines ke karɓar kayan aiki, ba tare da kashe ƙwayar halittar ba, shi ya sa bai cika cin fata ba. Dokar Turai ta yarda da kashi 2 cikin 100 a man fuska, rabin kashi ɗaya kacal a man jiki. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ɗaurin sukarin yana iya kwancewa: zafi, ko tsami mai yawa, ko ƙwayoyin cutar da ke zaune a kan fata, suna iya sakin hidirokwinon ɗin. A man da aka yi da kyau, wannan kaɗan ne ƙwarai. Amma macen da fuskarta ta riga ta yi okuronosis, ban ga hikimar ba ta ɗan uwan abin da ya ƙona ta ba.

Yawancin abin da ake tallata abutin da shi daga ɗakin gwaji ya fito, kuma a kan tairosines na naman kaza aka yi gwajin, saboda ya fi arha da sauƙin samu. A 2018 masu bincike na wani kamfanin man shafawa a Jamus, Mann da abokan aikinsa, suka gwada da tairosines na ɗan Adam, sai suka ga kojik yana da rauni a kansa, abutin kuma ya fi shi rauni. Kamfanin yana da nasa sinadarin da yake son sayarwa, wannan gaskiya ne, amma sakamakon ya yi daidai da abin da ake gani a asibiti: abutin yana aiki a hankali, kaɗan-kaɗan, a kan tabon sama mara tsanani. Duk man da aka rubuta abutin a jikinsa, amma ya haskaka fuska cikin mako guda, akwai wani abu a ciki da ba a rubuta ba, galibi sitirod ko hidirokwinon ko zaiba.

Tiranesamik shi ne ya cancanci dogon tsayawa, saboda shi kaɗai ne a cikin ukun magani na sosai, kuma ungozomomi da ma'aikatan ɗakin haihuwa sun san shi ta wata fuska daban. Utako Okamoto da mijinta Shosuke ne suka fito da shi a Japan a 1962, burinsu kuwa shi ne tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Jiki yana da wani sinadari, filasmin, wanda ke narkar da gudan jini bayan ya daskare. Tiranesamik yana hana filasmin samuwa, sai gudan ya tsaya, jini ya ɗauke. Babban gwajin da aka buga a mujallar Lancet a 2017, wanda ya ƙunshi mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna cewa in an yi allurarsa cikin awa 3 da haihuwa, mutuwa ta dalilin zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A wannan shekara ta 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin ƙa'idar kula da mai zubar jini. Ga matar da ta haihu a wani ƙauye bayan Riruwai ko gefen dajin Falgore, inda babban asibiti ke da nisa, kwalbar wannan allura ta rai ce.

Zancen fata kuwa tsintuwa aka yi. A 1979 aka lura a Japan cewa wata da ake ba maganin saboda borin jini mai yawan dawowa, melasmarta ta dushe. Daga baya aka gane dalili: in rana ta bugi fata, ƙwayoyin saman fata suna tayar da filasmin, shi kuma ya saki sinadaran kumburi da ke zaburar da masu yin melanin, ya kuma sa ƙananan jijiyoyin jini su yawaita a ƙarƙashin tabon. Melasma ba launi kawai ba ce, akwai wannan tsokana ta kullum a ƙarƙashinta, kuma nan tiranesamik ke shiga.

Hujjar sha ta fi ta shafawa ƙarfi nesa. A cibiyar fata ta ƙasar Singafo, Lee da abokan aikinsa sun bi bayanan marasa lafiya 561 suka buga a 2016: kusan kashi 90 cikin 100 sun ga sauƙi, yawanci cikin wata biyu, amma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu tabon ya dawo bayan sun daina. Mutum ɗaya jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa, aka bincika aka ga tana da gadon matsalar daskarewar jini da ba a sani ba. A 2018 wani gwaji a jihar Texas ta Amurka ya kwatanta miligiram 250 sau biyu a rana na wata 3 da ƙwayar da ba magani a ciki: tabo ya ragu da kashi 49 cikin 100 a masu shan maganin, kashi 18 a sauran. Na shafawa kuwa sakamakonsa a rarrabe yake. A Iran, a 2014, ruwan kashi 3 cikin 100 ya yi kunnen doki da haɗin hidirokwinon da sitirod mai sauƙi. A Tailan, a 2012, na kashi 5 cikin 100 bai fi man da ba komai a cikinsa ba. Dalili ɗaya shi ne tiranesamik abokin ruwa ne, fatar sama kuwa maiƙo ce ke tsaronta, don haka kaɗan ke ratsawa. Kuma duk waɗannan gwaje-gwaje, yawancin matan da ke ciki 'yan Asiya ne ko Latin Amurka. Baƙar fata irin tamu ba ta samu wakilci mai yawa ba, saboda haka kada a ɗauki alƙaluman a matsayin alkawari.

Masu cewa ai miligiram 500 a rana kaɗan ne suna da gaskiya ta wani ɓangare. Mai yawan jinin al'ada akan ba ta giram 1 sau uku a rana, ninki shida ke nan, amma na kwana 4 kawai, jimla giram 12. Mai melasma kuwa kullum take sha har mako 12, jimla giram 42. Kaɗan ne a rana, amma jiki yana zaune da shi wata uku ba hutu. Shi ya sa tambayoyin da likita ke yi kafin ya rubuta su ne rabin maganin. Ba a ba mai juna biyu. Ba a ba mai jego a makonni 6 na farko don gyaran fuska, domin lokacin ne jinin mace ya fi saurin daskarewa. Ba a ba wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko wadda hakan ya faru a gidansu tun da ƙuruciya, ko mai ɓari a kai a kai da ba a gano dalilinsa ba. Mai ciwon ƙoda, mai farfaɗiya, mai amosanin jini, duk sai an yi dogon tunani. Sai kuma babban tarkon: ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu tana jawo melasma, kuma ita ma tana ƙara haɗarin gudan jini. Wato matar da ta fi neman wannan magani sau da yawa ita ce wadda bai kamata ta sha ba. Mai kemis da ke miƙa katin ƙwaya ta taga ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi, kuma ƙwayar da aka fi samu ta miligiram 500 ce, ninki biyu na abin da aka gwada a sha ɗaya.

A ɗauki misali, don a ga yadda wannan ke tafiya a aikace. A ce ga mace 'yar shekara 34 a Tudun Wada, sana'arta turara shinkafa da shanya ta. Duhu ya fito mata a kumatu biyu tun cikinta na huɗu, bai tafi ba. Wata biyar ke nan tana shafa wani haɗi mara suna da safe da dare. Da farko ya yi kyau, yanzu in ta bari kwana biyu fuskar ta yi zafi, ƙuraje ƙanana su feso. Tana shan ƙwayar tazara mai haɗi biyu, yaron da take goyo ya shekara biyu an yaye shi.

Abu na farko da za a duba shi ne launi da laushin tabon a hasken rana. In ƙasa-ƙasa ne mai santsi, melasma ce. In akwai shuɗi da ɗige-ɗige masu kaushi, okuronosis ta shigo, sai a tura ta sashen fata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kuma gaya mata gaskiya cewa abin da za a iya shi ne tsayar da ɓarnar da ɗan sassauci, ba komawa kamar da ba. A ce tata melasma ce. Zafin da take ji in ta daina alama ce ta sitirod a cikin haɗin. Ba a fara mata ko ɗaya daga cikin ukun a wannan hali, kojik musamman zai ƙona ta. Za a janye haɗin, sau da yawa a hankali cikin 'yan makonni bisa tsarin likita, tana shafa mai mara turare kamar basilin ko man kaɗe mai tsabta, a kuma faɗa mata tun farko cewa fuskar za ta ƙara duhu kafin ta gyaru. Wadda ba a gaya wa haka ba, a mako na biyu za ta koma wurin mai haɗi.

A lokaci guda sai a taɓa abin da ke hura wutar. Yankin nan yana kusa da digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, rana tana da ƙarfi kusan duk shekara, har da hazo. Kuma an tabbatar cewa a baƙar fata ba ɓoyayyen hasken rana kaɗai ke ƙara launi ba, har hasken da ido ke gani. Man kariyar rana na gama-gari ba ya tare wannan sosai, sai mai ɗan launi, wanda aka sa wa garin tsatsar ƙarfe. Irin wannan yana da tsada kuma ba kowane shago ke da shi ba. Hijabi yana rufe wuya da kunne amma yana barin ƙashin kumatu a fili, daidai inda tabon yake. Malafa mai faɗin baki a kan hijabi lokacin shanya ta fi mai da yawa amfani, kuma kuɗinta bai kai na roba ɗaya ba. Tururin tukunya da wutar murhu ma suna tsokanar melasma, don haka ja da fuska baya lokacin buɗe tukunya, da yin aikin a inda iska ke wucewa, suna cikin magani. Haka abin yake ga masu aikin rani a gonakin da ke shan ruwan Tiga da masu yankan rake a ƙasar Kiru, maza ma suna samun wannan tabo.

Bayan fatar ta huce, a ce mako 4 zuwa 6, sai a zaɓa. A nan zan fara da tiranesamik na shafawa, kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ko alfa-abutin kashi 2, na kamfani mai lambar NAFDAC, ba don sun fi ƙarfi ba, sai don fatar da sitirod ya sirantar ba ta ɗaukar faɗa. A gwada a bayan kunne ko cikin dantse na mako guda tukuna. A shafa ɗan kaɗan a kan tabon, abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin in an haɗa uku aka samu matsala ba a san mai laifi ba. A ɗauki hoto da waya ranar farko, a wuri ɗaya, a haske ɗaya, a sake bayan mako 8 da mako 12. Fatar sama tana ɗaukar wajen wata guda ko fiye kafin ta sabunta, don haka hukuncin da aka yanke a mako na biyu ba hukunci ba ne. In an samu sauyi kaɗan kuma fata ta yi ƙwari, ana iya ƙara kojik kashi 1 da dare, ana tsallake kwana ɗaya da farko.

In wata uku suka cika babu motsi, sannan ne maganar sha ta taso, kuma ga wannan mata ƙofar a rufe take muddin tana kan ƙwayar nan. Sai ta je sashen tazarar haihuwa a sauya mata hanya, misali wadda ake sakawa a mahaifa mara sinadarin jiki. Wani lokaci sauyin kaɗai yana rage tabon cikin watanni. In bai rage ba, kuma amsoshinta ga sauran tambayoyin sun yi daidai, likita na iya rubuta miligiram 250 sau biyu a rana na mako 8 zuwa 12. Za ta iya jin ɗan tashin zuciya ko kumburin ciki, jinin al'ada kuma ya ragu. Amma kumburi da ciwo a sha-raɓa ɗaya, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko gani ya rikice, wannan a daina sha a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. In ta ga batan wata, ta tsaya. Kuma ta sani tun farko cewa tabon yana iya dawowa, melasma ciwo ne da ake lallaɓawa, ba a cire shi kamar haƙori.

Da a ce tabon nata na ƙurajen fuska ne, da lissafin ya juya. Hujjar tiranesamik a kan irin wannan tabo ba ta kai ta melasma ba, kuma ba a ɗaukar haɗarin gudan jini saboda abin da zai dushe da kansa. Nan ne abutin da kojik mara yawa suke da gurbi, bayan an magance ƙurajen kansu, don in sababbi suna fitowa aikin banza ake yi. Duhun wuya mai kauri da laushi kamar karammiski kuwa, musamman ga mai jiki, ba na waɗannan mayuka ba ne ko kaɗan. A auna sukari.

Wata dabara da ya kamata a toshe tun kafin ta yaɗu ita ce fasa kwalbar allurar tiranesamik a juye cikin mai. Kwalbar tana da miligiram 500 a ruwa mililita 5. In aka juye ta a mai giram 50, abin da aka samu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙasa da duk abin da aka gwada, ga ruwa da ya shiga mai ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. An yi asarar kwalbar da za ta iya tsayar da jinin mai haihuwa, ba a samu komai ba.

A watan Fabrairu na 2023, shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Faɗakarwar ta fi tsayawa a kan hidirokwinon da sitirod da zaiba, kuma daidai ne. Amma kasuwa ta riga ta matsa gaba zuwa sababbin sunaye, kuma ɗaya daga cikinsu ƙwaya ce mai taɓa jini. Kirana ga masu kemis da ma'aikatan lafiya na matakin farko a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu shi ne, duk wadda ta zo neman tiranesamik na sha ba da takardar likita ba, a tambaye ta don me, a tambaye ta ko tana da ciki ko jego ko tana shan ƙwayar tazara. In amsar don fuska ce, kada a sayar mata, a nuna mata hanyar asibiti.